Tsohon Suwic ɗin Ofishinmu

Mu arba'in ne a ofishinmu na Birnin Kudu, kuma wata uku intanet na jan ƙafa. Ni ne shugaba. Na ɗora laifin kan Wi-Fi ɗin da Maliki, mai kula da kwamfutocinmu, ya kafa. Sau uku yana ce mini tsohon suwic ne, akwatin da ke raba layi ga kowa. Na kore shi a gaban jama'a, abokina tun firamare.

Injiniya Rahamatu ta zo daga Kano. Ta jona kwamfutarta kai tsaye da rauta, na'urar da layin kamfanin intanet ke shigowa ta cikinta, gudu ya cika, layin kamfani lafiya lau. Ta jona ta suwic, gudu ya faɗi warwas. Ta zare wayar na'urar Wi-Fi daga suwic ta kai rauta, nan take Wi-Fi ɗin ya miƙe.

"Alhaji, suwic ne. Wi-Fi ɗinku a jikinsa yake sha."

Na hau mota zuwa Gwaram, garin su Maliki. Na tarar da Maliki yana shara a gonar gero.

"Suwic ne," na ce.

Bai ɗago ba. Mutumin da shekara talatin yake kirana Abdulsalami ya ce, "To, ranka ya daɗe."