Galin Kawu Yuguda

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna ma a firamare ya tsaya, kuma duk mutanen da ke cikin zancen ina haɗuwa da su kullum a unguwarmu ta Briqueterie. Amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi ya sa na ce gara in fitar da shi.

Sunana Jiddah. Ina ɗinki a shagon Adda Karimatu, yayar da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai talabijin a maƙale jikin bango, kuma in dai da wuta ba a kashe ta. Mata masu jiran kaya a nan suke zama su kalli wasanni masu dogon zango, waɗanda aka juya da Faransanci da waɗanda aka juya da Hausa.

Yaya Rashidu ɗan ƙanwar babanmu ne, yana zaune a unguwar Tsinga. Da ya gama jami'a sai ya fara shirya nasa wasan da waya, yana sakin sabon kashi duk Juma'a. Ni ce mai ɗinka musu kaya. Babban ɗan wasansa Kawu Yuguda ne, ƙanin mahaifiyarmu, mai gasa soya, wato tsire, a bakin titi. Yana fitowa a Gali, dillalin ɗakunan haya mai baƙar magana. Gali yana ƙarya, yana cin kuɗin masu gidaje ta baya, ba ya gaida kowa. Amma in baƙo ya sauko daga Garwa ko Marwa ba shi da wurin kwana, Gali zai zage shi tas, sannan ya samo masa ɗaki.

Sharaɗi ɗaya Kawu ya kafa kafin ya yarda. Ya ce, "Ka sa ni zagi, ka sa ni ƙarya. Amma kada ka sa ni abin da tsohuwa za ta tsine mini." Yana da dalili. Mutanen unguwarmu ba sa raba mutum da abin da ya fito a ciki. Tun fitowa ta biyu ba wanda ke kiransa Yuguda. Daga unguwar Ekoudou ake tahowa cin soyan Gali, har wata mata ta kawo masa ƙarar mai gidanta da gaske.

Ran wata Talata Yaya Rashidu ya shigo shago da hantsi, ya ajiye mini yadi biyu. Ya ce shaddar in ɗinka wa Gali babbar riga mai aiki, atamfar kuma zane ne na Inna Altine, in ƙona bakinsa kaɗan da ashana. Inna Altine ita ke fitowa a gwauruwa mai tuyar ƙosai.

Na tsaya ina kallon yadin. Yaya Rashidu ba ya ɗaukar wasa a jere. Yau ya ɗauki ƙarshe, gobe ya ɗauki tsakiya, duk inda aka samu wuri da mutane. Kawu kuma ba ya karanta takardar, a baki ake gaya masa abin da zai faɗa, ya faɗa ya koma kan namansa. Ni da nake riƙe kaya a gefe ce na ga guntayen duka. Ran Asabar an ɗauki Gali yana sayen fetur a kwalba. Ran Lahadi an ɗauke shi yana karɓar ambulan mai kuɗi a hannun wani alhaji mai son filin da rumfar gwauruwar take. Ga kuma ƙonannen zane, ga sabuwar riga.

Da ƙyar na ce, "Yaya, Gali ne zai ƙona rumfar?"

Ya yi dariya. "Ke ashe kina gani."

"Kawu ya sani?"

"Kawu ya san Gali anti-héros ne."

Adda ta ɗaga ƙafa daga keke. "Ka yi mana Hausa, ɗan boko. Wane ne Anti kuma?"

Ya jawo kujera, don abin da ya fi so ke nan a duniya, a tambaye shi. Ya ce labari yana da wanda ake bi, shi ne mai labarin. Wani lokaci mai labarin gwarzo ne mai halin kirki. Wani lokaci kuma ba shi da halin gwarzaye, matsoraci ne ko makwaɗaici ko maƙaryaci, amma abin da yake nema abu ne da kai ma za ka so ya samu. Wannan shi ne anti-héros. Ya ce, "Kun tuna wasan nan na ɗan sandan da ke shan giya, yana karɓar cin hanci, amma ya hana kansa barci yana neman yaran da aka sace?"

Adda ta ce, "Mai tabo a gira. Allah sarki. Duk ranar da ya shiga gidan ɓarayin nan sai Hajiya Rahinatu mai kawo mana ɗinki ta ɗaga hannu tana cewa Allah ya fito da shi lafiya."

"To shi ne. Hanyarsa ce ƙazama, inda za shi daidai ne. Kuma akwai iyakar da ba ya tsallakewa. Ya doki ɓarawo, amma da aka ba shi kuɗi ya bar yaro ɗaya, ya ƙi."

"To matar mai kemis fa?" in ji Adda. "Wadda ke cika kwalaben magani da ruwan gishiri tana sayarwa?"

Yaya Rashidu ya ce ita daban ce. Ita ma ita ce mai labarin, da ita ake buɗe wasa da ita ake rufewa, mun san tsoronta, mun ga yadda dangin mijinta suka wulaƙanta ta. Amma abin da take nema shi kansa ɓarna ne, kuma marasa laifi ne ke biya. Ba kamar mugun da ake kawowa don ya tare wa gwarzo hanya ba. Wannan muguwa ce da labarin ya zaɓi ya bi ta.

Adda ta ce, "Ai mu ma ba mu taɓa fashin kallonta ba. Amma addu'ar daban ce. Ita Allah ya tona asirinta muke cewa."

Ya tafa hannu. "Adda, kin gama darasin."

Ni duk wannan surutun cika mini ciki yake. Na ce, "To Gali da fetur wace addu'a za a yi masa?"

Ya ɗan sosa ƙeya. Ya ce ai za a nuna 'yar Gali tana kwance asibiti, don ita ya karɓi kuɗin.

Na ce, "Matar mai kemis ma tana da ɗa, tana sonsa kamar ranta. Bai hana a tsine mata ba."

"Kuma in don asibiti ne," in ji Adda, "babbar rigar ta mece ce? Likita zai saka wa?"

Nan ya daina zagaye. Ya ce gaskiya ne, son ɗa ko wahalar ƙuruciya ba sa wanke mutum, suna sa a fahimce shi ne kawai. Ya ce da gangan yake yi. So yake Gali ya faro a wanda ake yi wa fatan alheri, ya yi ta zamewa a hankali har ya zama wanda ake jiran faɗuwarsa, masu kallo su rasa ranar da suka daina sonsa. Ya ce manyan wasanni haka suke yi, kuma wannan ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Abin haushin shi ne na san da gaskiyarsa. Da a talabijin na gani, da ban matsa ba. Amma ɗan wasan talabijin yana can wata ƙasa, ba ya tsayuwa a bakin titinmu da yamma yana jiran a sayi nama a hannunsa.

Na ce, "Ka gaya masa."

"In na gaya masa zai ƙi. In ya ga yadda mutane za su yi ta magana zai gode mini. A ƙarshe ma ai Gali zai tuba, ya yi kuka a ƙofar masallaci."

"Bayan sati nawa?"

"Kamar takwas."

Adda ta ce, "Wata biyu ba ciniki ke nan. Kai za ka cinye naman?"

Ya miƙe yana cewa mu mata ba mu san fasaha ba, alhali yanzun nan ya gama yabon Adda. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Jiddah, ke dai na san bakinki ba ya yawo." Wannan ta fi komai ƙona mini rai. Shekara da shekaru ana yabona da shiru, ashe ajiye ni ake yi don irin wannan ranar.

Na ce wa Adda ta je ta gaya wa Kawu. Ta ce ita ba ta ga fetur ba, ba ta ga ambulan ba, ni na gani, ni zan faɗa.

Bayan la'asar sai ga Kawu da kansa ya zo awon riga, yana ƙamshin hayaƙi da yaji. Ya buɗe hannuwa ina zagaya shi da tef. Yana ta murna da shaddar.

Ya ce, "'Yata, Gali ya yi arziki ke nan. Wane alhajin ya damfara wannan karon?"

Akwai allurai a bakina. Na bar su a wurin. Adda ta duƙar da kai kan keke tana taka shi da ƙarfi kamar ana korarta. Kawu ya ce Allah ya yi mini albarka, ya fita, yara na binsa suna Gali, Gali.

Na yanka rigar, na ɓata wuyan, na sake. Na ji haushin Yaya Rashidu, na ji haushin Adda, na ji haushin mutanen unguwa da ba su san wasa wasa ba ne. Haushin kaina ya fi na kowa.

Washegari ban wuce shago ba. Na tafi bayan rumfar Kawu, inda yake yanka nama yana jerawa kafin a hura wuta. Na gaishe shi, na tsuguna, na kalli ƙasa don kada in ga fuskarsa, na jera masa guntayen yadda za su fito: ambulan, fetur, rumfar Inna Altine, sannan riga. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Ya tsayar da wuƙar.

"Da ma kwalbar nan ba ta babur ba ce?"

Na ce a'a.

Ya goge hannu a tsumma. Ya ce, "Gali zai karɓi ambulan ɗin, ya cinye kuɗin alhaji, ya sa rigarsa ya wuce ta gabansa. Fetur kuma ya zuba a babur. Wannan zan yi, har da rawa. In mugu Rashidu yake so, ya fito da kansa ya ƙona rumfar, shi ba abin da yake sayarwa."

Na ce to, na miƙe, ina jin kamar an sauke mini buhun shinkafa.

"Tsaya mana," in ji shi. "Wa zai gaya masa? Ni nama na jira."

Na gyara mayafina, na tare ɗan babur, na ce ya kai ni Tsinga.