Kafin Biza Ta Fito

Tallafin karatu biyu suka zo wa Auta, 'yar manomi, a damina ɗaya.

Na farko daga hukumar tallafin karatu ta gida yake: kuɗin makaranta, ɗakin kwana da ɗan alawus, a jami'ar da mota ɗaya ke kai mutum daga ƙauyensu. Sharaɗinsa, in ta gama za ta yi wa hukuma aiki gwargwadon shekarun da aka ɗauki nauyinta, kuma ba a haɗa shi da wani tallafin. Na biyu na wata jami'a ne a ƙetare, har da tikitin jirgi da inshorar lafiya. Ta yi fasfo, ta yi gwajin asibiti, an ɗauki zanen yatsunta a ofishin biza. Bizar ce dai shiru, wa'adin hukuma kuwa ya ƙarato.

Ta rubuta wa na ƙetare ko za su ɗage mata zuwa baɗi. Suka ce gurbin karatu ana ɗagewa, tallafin dai na bana ne kawai. Ta je hukuma ta roƙi ƙarin lokaci. Jami'in ya tsayar da cin gyaɗarsa ya saurare ta sosai.

"'Yata, akwai masu jira a bayanki. In ba ki sa hannu ba, na gaba za mu kira. In kuma kin sa kika janye, mai tsaya miki ne zai biya."

A gona ta iske Baba yana zuba taki a gindin masara. Ta yi masa bayani tsaf, kamar maganar wata take yi. Ta laluba cikin ranta ko akwai wanda ta fi so, ba ta taras da komai ba.

"Ni da ban san ƙofar jirgi ba, me zan ce?" in ji Baba. "Kin ci abinci kuwa?"

"Na ci, Baba."

Ba ta ci ba. Ta ɗauki kwanon takin ta kama layi na gaba.

Ranar da wa'adi ya cika, kawunta malamin firamare ya raka ta, shi ne mai tsaya mata. Biron ofishin ya ƙi rubutu, kawu ya ara mata nasa. Ta sa hannu, ya sa.

Ta fara shiga aji ke nan saƙo ya shigo wayarta daga ofishin biza, cewa ta zo ta karɓi fasfonta. Ta je ta bi layi. A bakin titi ta buɗe: an ba ta biza, ga hotonta babu murmushi. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba.

A cikin mota ta rubuta wa jami'ar ƙetare tana godiya, ta ce su ba wani ɗalibi gurbin. Suka amsa da fatan alheri. Matar da ke kusa da ita ta ce ta ɗan matsa, ta matsa.