Haruffan Adnan Masu Lanƙwasa

Saƙon ya shigo ne a wayar Adnan, wata biyar da rasuwarsa. Matarsa Maijidda ba ta daina cajin wayar ba. Kullum tana nan a kan firji, gefen kwalin ashana, wani lokaci ta yi ƙara ita kaɗai a cikin gidan da babu mai magana. Wannan karon kamfanin da ke riƙe da shafinsa na intanet ne. Sun ce za su kashe tsohuwar na'urar da shafin yake zaune a kai ranar Juma'a, duk mai kaya ya kwashe.

Shekara goma sha ɗaya Adnan ya yi yana gina shafin nan. Malamin sakandare ne, amma duk Asabar sai ya rataya rakoda ya shiga lungunan Gangare a cikin Jos, ko ya hau mota zuwa Kuru, yana neman tsofaffin da suka yi aikin haƙar kuza. Ya ɗauki muryarsu, ya ɗauki hotonsu, ya dawo gida Rikkos ya rubuta hirar kalma bi kalma da Hausa. Hira ɗari huɗu da goma sha biyu. Yawancin tsofaffin sun rasu. Yanzu shi ma ya bi su.

Maijidda ma'aikaciyar jinya ce, ba ta taɓa sanin yadda cikin shafin yake aiki ba. Ta lalubo lambar Ngozika, matar da Adnan ke kira in kwamfuta ta fi ƙarfinsa. Ranar Laraba bayan azahar ta same ta a shagonta, wani ɗaki ƙarami a saman bene, ruwan sama na dukan kwano.

"Anti, zauna. Sannu da haƙuri," in ji Ngozika, tana kwashe wayoyi daga kan kujera. A Jos aka haife ta, Hausarta ta kasuwa ce, mai sauri. "Oga Adnan ba ya wasa da bakof, kullum sai ya ajiye kwafin aikinsa. Kada ki damu. Wannan aiki na awa biyu ne."

Ta yi mata bayani tana danne-danne. Shafi kashi biyu ne, ta ce. Akwai fayiloli, wato hotuna da muryoyi da manhajar kanta. Akwai kuma rumbun bayanai, inda duk rubutun yake. In ka kwashe ɗaya ka bar ɗaya, ba ka da shafi. Adnan ya rubuta ɗan umarni da na'urar ke bi da kanta kullum ƙarfe huɗu na asuba, ta juye rumbun cikin fayil guda, ta matse shi, ta rubuta masa kwanan wata. Ranar Lahadi kuma ta ɗaure fayilolin.

Ta juyo da allon. Ga su nan a jere, kwana bayan kwana. Maijidda ta bi kwanakin da ido har ta kai ranar da aka kai shi asibiti, da ranar da aka binne shi, da washegari. Babu wadda na'urar ta tsallake.

"Abu ɗaya Oga ya yi da ban so ba," in ji Ngozika. "A kan na'urar nan ya ajiye duka. In ta mutu, shafi da bakof tare za su tafi. Za mu gyara."

Ta sauke kwafin asubar ranar, ta ɗora shi a sabuwar na'ura ƙarƙashin wani adireshi na gwaji. Fayilolin sun ɗauki lokaci. Suka sha shayi, Ngozika tana ba da labarin yadda Adnan ya taɓa kiranta ana tsakiyar coci don hoto ɗaya ya ƙi fitowa. Maijidda ta yi murmushi. Ta daɗe ba ta ji wani ya ambace shi ba tare da ya sassauta murya ba.

"To, ga shi," in ji Ngozika. "Hira ɗari huɗu da sha biyu a can, ɗari huɗu da sha biyu a nan. Hoto ya fito. Murya tana yi. Mun gama. Gobe na juya sunan shafi zuwa nan."

Maijidda ta matso da kujera. Ta buɗe hirar wani tsoho, Baba Mwadkon na Kuru, don ta tuna ranar da Adnan ya dawo daga wurinsa da jiƙaƙƙen takalmi. Ta fara karantawa, sai ta tsaya.

"Ngozi, mene ne wannan?"

Layin farko ya ce: "Mun ha?a rami har ?asa ta ?alle a kanmu."

"Ah, wannan haruffa naku masu ƙugiya. Kwamfuta na ne, Anti. Kullum haka take yi da su. Ba ta da irin rubutun."

"Buɗe mini tsohon shafin a kwamfutar nan."

Ngozika ta dube ta, ta buɗe. Kwamfuta ɗaya, allo ɗaya. A tsohon shafin ga ƙasa da lanƙwasarta, ga ɓalle, ga haƙa.

Ngozika ta ajiye kofinta. Ta warware fayil ɗin kwafin, ta buɗe cikinsa tsirara, ta nemo layin. Alamar tambaya ce a rubuce a cikin fayil ɗin kansa. Ta buɗe na makon jiya, haka. Na wata uku baya, haka. Sannan ta buɗe umarnin da Adnan ya rubuta, ta sa yatsa a kan wata kalma.

"Latin1," ta ce. "Chineke, wayyo Allah. Oga ya ce wa na'ura ta juye rubutu da tsarin haruffan Turawa. Tsarin nan bai san ƙ ba, bai san ɗ ba, bai san ɓ ba. Duk inda ya gamu da su, sai ya sa tambaya. A cikin rumbu suna nan lafiya. Wajen fitowa ne suke mutuwa."

"Ba za a iya maida su ba?"

"Daga wannan fayil? Ina! Duka ukun alama ɗaya suka zama."

Maijidda ta sake kallon allon. Can ƙasa Baba Mwadkon yana cewa Bature ya ba su "?ari". Ɗari ne ko ƙari? Ita da ta sha Hausa a nono ba ta iya rantsewa ba sai ta saurari muryar. Hira ɗari huɗu da sha biyu, kowace da ɗaruruwan ramuka irin wannan. Ta tuna yadda Adnan yake zama da yamma yana neman lanƙwasa ɗaya-ɗaya, yana faɗa da masu rubuta kasa alhali ƙasa suke nufi. Shekaru yana barci da natsuwar cewa aikinsa na ajiye.

"Bai taɓa gwadawa ba ke nan," ta ce a hankali.

"Ya ga fayil yana fitowa kullum, nauyinsa daidai. Kowa haka yake yi." Ngozika ta shafa goshi. "Ni ma ai na ce mun gama. Da ranar Juma'a ta wuce, wannan ne kawai zai rage mana."

Ba ta ƙara wasa ba. Ta goge kalmar, ta rubuta utf8mb4 a wurinta, ta ce wannan ya san kowane harafi. Ta sa umarnin ya yi aiki nan take ba tare da jiran asuba ba. Ta share rumbun gwajin ƙaƙaf, ta zuba sabon kwafin. Sannan ta tura kwamfutar gaban Maijidda.

"Ni na iya ƙirga. Ke karanta."

Maijidda ta karanta. Ƙasa ta dawo, ɓalle ta dawo. Ɗari ne Baturen ya ba su. Ta buɗe hira ta farko da ya taɓa ɗorawa, ta buɗe ta ƙarshe, ta buɗe guda goma a tsakiya ba tare da zaɓe ba. Ta rubuta "ƙarfe" a wurin bincike, hirarraki suka fito. Ta kunna murya guda, wata tsohuwa 'yar Gangare ta fara magana, sai ga muryar Adnan a bayanta yana cewa, "To, Iya, daga nan fa?" Maijidda ta kashe da sauri. Ngozika ta tashi ta je tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Da ta dawo suka tsara sabon jadawali a sabuwar na'urar. Rumbu kullum da asuba, fayiloli duk Lahadi. Kowane kwafi, da an gama shi, a tura shi wata ma'ajiya ta wani kamfani dabam. A riƙe na kwana talatin, da na farkon kowane wata har shekara guda. In aikin ya yi, na'ura ta aiko da saƙo. In ya gaza, ta aiko da wani.

"In kuma kin wayi gari ba saƙo ko ɗaya, wannan ma matsala ne, ki kira ni," in ji Ngozika. "Wane adireshin imel zan sa? Na Oga ne a tsohon."

Maijidda ta faɗi nata, harafi bi harafi.

"Saura gwaji. Duk wata, sau ɗaya. Zan haɗa miki umarni da zai ɗauko kwafi daga ma'ajiya ya zuba a adireshin gwaji, ba zai taɓa shafi na gaske ba. Amma dubawa, Anti, sai mai ido. Ni kin ga nawa idon."

Ta rubuta matakan a bayan wata takardar talla, guda shida, da manyan haruffa. Ta sa Maijidda ta bi su sau ɗaya a gabanta, Maijidda ta yi kuskure a na huɗu, ta sake.

Ranar Alhamis aka juya sunan shafin zuwa sabon wuri. Da yamma ya gama komawa. Ranar Juma'a kamfanin ya kashe tsohuwar na'urar kamar yadda ya faɗa, da duk kwafin da Adnan ya tara a cikinta. Ngozika ta tambaya ko a adana su don tunawa, Maijidda ta ce a bar su.

Asabar ɗin farko ta watan da ya biyo, Maijidda ta dawo daga aikin safe, ta ci abinci a tsaye, ta zauna a teburinsa. Maƙwabta suna biki, ana ta kiɗa ta bayan katanga. Ta bi matakan shida. Ƙirga ta yi daidai, haruffa suna nan. Aikin ya ƙare cikin minti ashirin, babu wanda za ta gaya wa. Ta tura wa Ngozika kalma ɗaya, "Lafiya." Amsar ba ta zo ba sai bayan awa uku.

A tsakanin nan ta buɗe hira ta goma sha bakwai, wadda ba ta taɓa karantawa ba, ta wani direban jirgin ƙasa mai suna Natana'el. A sakin layi na uku ta ga inda Adnan da kansa ya manta lanƙwasa, ya rubuta daki a maimakon ɗaki. Ta daɗe tana kallon kalmar. Sai ta shiga shafi na gaske, ta gyara, ta adana, ta ci gaba da karatu.