Hannun Ubale, Muryar Asama'u

A ƙofar sitonsa na Maigatari Ubale ya ƙulla magana da Moses, ni ne shaida. Moses malamin gona ne, mutumin Filato, shekararsa tara a Gumel. An aiko shi ya ɗauki bidiyon koyar da ajiyar wake da toka, kaset ɗaya da za a nuna wa manoma daga Sakkwato har Yola, har tsallaken iyakar Nijar. Ubale ya ce ya ba da sito da wake kyauta, amma muryarsa za a ji.

"Alhaji, idan mutane suka gane maganarka, muryarka za a sa," in ji Moses. Suka tafa.

A lokacin, wajen 1994, fitowa a talabijin ba ƙaramin abu ba ne. Ubale har ɗinki ya yi.

Da aka gama ɗauka, Moses ya ce sai an gwada. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya sa na tattaro masa baƙi, tunda dillancin shanu nake, na san kowa. Na kawo Basakkwace, Bazazzagi, Badamagare da wani direban Yola. Aka tayar da janareto a rumfa, aka sa musu kaset ɗin, Ubale na zaune.

Ubale ya shekara ashirin yana fatauci a Damagaram, bakinsa ya rine. Jarka bido ce a wajensa, ga sauri kamar mai cin gwanjo. Badamagaren yana ta gyaɗa kai. Direban ya ce, "Baba, rigarka dai na gani, ta yi kyau." Da Moses ya tambayi yawan tokar, tiyar da Ubale ya ambata sai ta zama rigima, kowa da irin ma'aunin garinsu.

"Ku ne ba ku iya Hausa ba!" in ji Ubale.

"Mu muka haife ta," in ji Basakkwacen.

Moses ya tambaye su wace Hausa suke ji ba wahala. Dukansu suka ce ta labaran rediyo, wato ta Kano, a hankali. Sau uku Ubale yana sake gwadawa, kafin ya kai tsakiya harshen ya koma gida.

Sai aka kira Asama'u, malamar makaranta daga Gagarawa. Ta karanta a natse, aka cire sunan ma'auni gaba ɗaya. Aka nuna hannu yana tankaɗe toka, ya auna kwano ɗaya na wake, ya cika wannan kwanon da toka, ya cakuɗa. Alhamis ta gaba na kawo wasu baƙin, kowa ya maimaita daidai.

Shekaru ina jin masu zuwa kasuwa suna zancen kaset ɗin. Yanzu rumfar babu, Ubale ma ya riga mu, Allah Ya jiƙansa. Manoma sun ci riba, Moses ya samu ƙarin girma, Asama'u aka riƙa nemanta. Ubale ne ya faɗi, don hannunsa kawai ya fito, da bakin hannun sabuwar rigar.