Takalman Kaka

Ƙarfen dogarawar da asibiti ya ba tsohuwar ya koma wurin shanya. Ɗalibar jinyar ta lura da shi ne tana wucewa da abin awon jini: tawul rataye a hannun ƙarfen guda, jiƙaƙƙen ɗankwali a ɗayan. Ta sunkuya kamar za ta gyara safarta, ta leƙa ƙarƙashin gadon. Babu takalmi ko ƙafa ɗaya.

Wannan tsohuwar ce aikinta. Malamarsu ta koyon jinya ta raba su a ɗakin tsofaffi, kowa da majinyacinsa, ta ce kowa ya tsara yadda zai kare nasa daga faɗuwa da gyambon kwanciya, kuma ya aikata, kada ya tsaya a takarda. Tsohuwar ta zame ne a banɗakin gida, ta bugu a ƙugu, amma ba karaya. Tun farkon mako likita ya ce a riƙa tayar da ita tana takawa. Ga mako ya ƙare, ƙafarta ba ta san sanyin daɓen ɗakin ba.

Babbar 'yarta ce ke jinyarta, mace mai tsafta da kaifin ido. Ta ɗage ƙarafunan gefen gadon duka biyu, ta cusa zanen gado tam, ta sa wa uwar safa. Duk sanda mai koyar da tafiya ya zo, sai ta ce Inna ta yi barci.

"Ga 'yar shiru-shiru ta iso," in ji tsohuwar. "Yau ma da ido za ki gaishe ni?"

"Ina kwana, Kaka."

"Ashe da baki! To zo ki cece ni, an sa ni a kejin kaji."

'Yar ba ta yi dariya ba. Ɗalibar ta ja labule, ta ce za ta duba fatar baya. Tare suka juya tsohuwar a hankali, sai ƙamshin man zafi ya tashi. A ƙasan bayan, daidai inda ƙashi ke tokare katifa, akwai wani wuri kamar faɗin bakin kofi da ya fi sauran fatar duhu. A littafi ja ake nunawa, amma malama ta gargaɗe su cewa a baƙar fata ba a jiran ja. Ta ɗora bayan yatsunta. Wurin ya fi kewayensa ɗumi, ga tauri. Ta danna kaɗan, launin bai sauya ba, tsohuwar kuwa ta ce, "Wash!"

"Gajiyar kwanciya ce," in ji 'yar. "Kullum sai na murza mata shi."

Ɗalibar ta janye hannunta. Ta san murzar ƙara lalata naman da ke ƙarƙashi take yi. Ta san kuma fatar ba ta fashe ba tukuna, in an ɗauke mata nauyi yanzu za ta iya farfaɗowa, in kuwa ta fashe sai a yi watanni ana wanki. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Anti, da dai a daina murzawa. Kuma da za ta riƙa tashi..."

"Ta tashi ta je ina? Ke kika ɗauke ta daga ƙasan banɗaki? Ke ƙannenki suka tsare da ido suna cewa kina ina har ta faɗi?" Ta sassauta murya don kada gadon kusa ya ji. "Ba za ta sake faɗuwa a hannuna ba. Ki rubuta abin makarantarki ki tafi."

Ɗalibar ta tokare bayan tsohuwar da filo don ta ɗan karkata gefe, ta sa wani a ƙarƙashin sangalinta har duga-dugan suka bar katifa. Sai ta fita neman Sista, babbar ma'aikaciyar ɗakin. Ta tarar ana sa wa wani tsoho ruwa a jijiya, jijiyar ta ƙi samuwa. Ta tsaya a bayansu tana murza yatsu, tana jiran a ɗago.

"Mene ne?" in ji Sista, ba ta juyo ba.

"Gadon bakin taga. Akwai alama a bayanta."

"Ina zuwa. Koma wurinta."

Tun daga ƙofa ta hango kujerar 'yar babu kowa, ta tafi karɓo magani. Labulen gadon yana motsi. Ta yaye shi. Tsohuwar ta ture filon, ta haye ƙarfen gefen gado da ƙafa ɗaya, ƙafar tana lilo a sama cikin safa mai santsi, ƙirjinta a kan ƙarfen, hannuwanta na rawa.

"Kaka, tsaya! Kada ki motsa!"

"Fitsari nake ji. Ba zan sake yi a kwance ba, da girmana."

Ɗalibar ta manna jikinta da gadon, ta tare kafaɗar tsohuwar da ƙugunta. Ba ta ja ta ba. Maɓallin ƙararrawa yana can rataye a bango inda hannu ba ya kai. Ita da ko a aji ba a jin muryarta, ta buɗe baki ta ƙwala kira har ɗakin ya amsa.

"Sista! Gadon bakin taga! Yanzu!"

Sista ta rugo, su biyu suka mayar da ƙafar ciki. Sista ta sauke ƙarfen gefen, ta taka birkin tayoyin gadon ta tabbatar, ta sauke gadon ƙasa sosai. Sai ga 'yar ta shigo da ledar magani, ta tsaya cak.

"Wa ya sauke ƙarfen nan?"

Sista ta dubi ɗalibar. "Majinyaciyarki ce. Gaya mata."

Ɗalibar ta juya wurin 'yar. "Anti, a kan ƙarfen muka same ta. Wanda ya yi niyyar tashi, ƙarfe ba ya hana shi, sai dai ya ƙara masa nisan ƙasa. Kwanciyar nan tana cin bayanta, tana kuma kashe mata ƙafafu. In muka jira, ranar da za ta tashi ba za su ɗauke ta ba." Ta nuna kanta da Sista. "Mu biyu ne, za mu riƙe ta. Amma ba za ta taka da safa ba. Ina takalmanta?"

Ɗalibar da Sista suka zaunar da tsohuwar a bakin gado, ƙafafunta a ƙasa, suna jira jiri ya sake ta. Ɗalibar ta cire safar, ta kwashe tawul da ɗankwalin daga ƙarfen dogarawa, ta jawo shi gabanta.

"Kaka, kina ganin duhu-duhu?"

"Ina ganinki sarai. Ashe kina da murya kamar mai tallan gawayi." Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi 'yarta. "Uwata, ni na goya ki kika koyi tafiya. Sau nawa kika faɗi? Ban ɓoye miki ƙasa ba."

'Yar ta ajiye ledar maganin. Ta buɗe babbar jakarta, ta ɗaga kayan sawa, ta zaro takalma daga can ƙasa, naɗe cikin tsohon zane, masu rufaffen dunduniya da gindin roba. Ta durƙusa, ta sa wa uwar ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure igiyar ta ƙara ɗaurewa.

"Riƙe nan, Kaka. Tura da hannu daga katifa tukuna. Yauwa."

Tsohuwar ta miƙe. Gwiwoyinta suka yi rawa, suka tsaya. Ƙarfen ya matsa gaba, takalmi ya bi shi. Ɗalibar tana gefenta, tafin hannunta a bayanta, idonta a kan daɓen. Da suka kai ƙarshen gadon ta waiga don ta ce wa 'yar ta zo ta kama ɗaya gefen. Sai ta hango bayanta a bakin ƙofa, hannunta ɗaya a kan bakinta, tana danne kuka. 'Yar ta ja ƙofar a hankali ta fita.