Fitilar da Ba Ta Ƙyaftawa

Kwana biyu ke nan jirgin kamun kifin bai dawo ba, rediyon oba-oba na tashar kuma ya daina amsa komai sai ƙara. Matar injiniyan jirgin ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke, ta share ɗakin da ba shi da datti, har aikin ƙarya ya ƙare mata. Da ta shiga ɗakin kwana sai ta tarar da 'yarta a tsaye kan gado, goshi manne da tagar da ke kallon teku ta gabas. Aku suke kiranta, don tun da ta fara magana ba a taɓa jin ta ajiye ba. Yau kuwa muryar ƙasa-ƙasa ce.

"Umma, ga Baba can. Duba, waccan ba ta ƙyaftawa. Matar maƙwabci ta ce mai ƙyaftawa tauraro ne, mai tsayawa cak fitilar jirgi ce."

Uwar ta duba. Haske ne fari, ƙato, kamu ɗaya sama da ruwa. Ta gane shi nan take. Matar maƙwabci dai ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ko an tambaye ta ko ba a tambaya ba.

"Sauko ki kwanta, in ba ki labari."

"Idan na kwanta zai ɓace."

"To zauna a cinyata, mu gan shi tare. Ga ta nan, amma ba ta dariya ba ce."

"Ta shigo haka nan," in ji Aku.

Uwar ta gyara mata ɗankwali ta fara.

"An yi wata yarinya mai surutu kamar wata da na sani. Babanta matuƙin jirgi ne. Wata rana ya fita bai dawo ba, mata suka taru a bakin tasha da yamma suna duban ruwa. Dukansu sun san ƙa'idar nan da aka faɗa miki, da ita aka raine su. Duhu na yi sai ga haske tsayayye a ƙarshen ruwa. Aka yi ta guɗa. Uwar yarinyar ta ruga gida ta ɗora tukunya, har da yanka kazar da take ji da ita.

"Ita kuwa yarinyar ta haye hasumiyar tasha, matakala saba'in da huɗu, don ta riga kowa ganin babanta. A can akwai tsoho Mai Hasumiya, mutum mai faɗa, wanda ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Ta ce, 'Baba, ka kunna musu babbar fitila, ga su can!' Bai yi mata tsawa ba. Wannan ne ya fara ba ta tsoro. Ya miƙa mata madubin hangen nesa, ya riƙe mata gwiwar hannu don kada ya yi rawa, ya ce ta faɗa masa abin da ta gani."

"Me ta gani?"

"Wani ɗan ƙwallo mitsitsi, da ɗigo uku jere a gefensa. Ya ce, ''Yata, wannan Mushtari ce, duniya ce irin tamu, ɗigon nan kuma watanninta ne.' Ta ce ƙarya ne, ai ba ta ƙyaftawa. Sai ya jawo risho ɗin da yake dafa shayi, ya ce ta dubi bango ta saman wutar. Bangon ya yi ta rawa. Ya ce, 'Bango ne ke rawa?' Ta ce a'a. Ya ce, 'Iska ce. Mai zafi da mai sanyi suna cuɗanya, haske in ya ratsa su sai ya riƙa karkacewa. Haka sama take, hawa-hawa, ba ta zama wuri ɗaya. Tauraro ba ya ƙyaftawa, iskarmu ce ke wasa da haskensa.'"

Aku ta juyo. "To ita Mushtarin iska tsoronta take ji?"

Uwar ta kusa yin dariya.

"Haka yarinyar ta tambaya. Ya ce tauraro yana da nisan da ko a madubinsa ɗigo ɗaya ne tak, kamar bakin allura. Zare ɗaya na haske ke iso mana, iska na taɓa shi sai ya yi tsalle, ya dushe, ya dawo. Mushtari kuwa kusa take in an gwada da su, shi ya sa take da ɗan faɗi ko da ido bai gani ba. Zare da yawa ke zuwa daga jikinta. Wannan ya dushe, wancan ya haska, sai su cike wa juna, ido ya ga abu tsaye. In ta yi ƙasa sosai takan ɗan motsa, don iskar da take ratsowa ta fi kauri a nan, amma ba kamar taurari ba. Ya ce ta ɗora babban yatsanta a ƙarfen taga daidai hasken, ta jira. Jirgi yana kan ruwa. Wannan kuwa hawa zai yi."

Uwar ba ta so ta ci gaba, amma ta riga ta ɗauko.

"Ya hau. Ya bar yatsan, ya bar ruwan. A ƙasa mata suna ta waƙa, su ba su lura ba tukuna. Yarinyar ta tsani tsohon nan ranar, ta tsane shi shekara da shekaru, alhali bai yi mata komai ba sai gaskiya. Shi ma ya kasa sauka ya faɗa musu. Ya zauna yana goge madubin da ba shi da ƙura."

"Babanta ya dawo?"

"Kazar dai an ci ta washegari, da baƙi masu zuwa gaisuwa."

Aku ta ɗaga hannu a hankali ta ɗora babban yatsanta a gilashin. Uwar ta so ta janye hannun, ta ce mata labari ne kawai, ta ce matar maƙwabci ce mai gaskiya. Ta kasa. Agogon falo ya yi ta tafiya, firji ya kunna kansa ya kashe. Suna kallo hasken ya fito ta saman farcen yarinyar, ya bar tazara tsakaninsa da ruwa.

"Ke ce yarinyar, ko Umma?"

"Ni ce."

"Me kuma tsohon ya ce?"

Da ma ta yi niyyar ɓoye wannan, amma an tambaye ta.

"Ya ce ƙa'idar ta ɓaci ta gefe biyu. Fitilar jirgi ma, in tana da nisa sosai, ƙarama ce kamar bakin allura, kuma iskar saman ruwa take ratsowa. Ita ma takan ƙyafta."

Aku ta sauke yatsanta. Ta bi ƙarshen ruwan da ido daga wannan gefen taga zuwa wancan, inda ƙananan haske ke ta ƙyaftawa, wasu ja-ja, wasu shuɗi-shuɗi, sun fi a ƙirga.

"Ke nan kowanne a cikinsu zai iya zama Baba."

"Zai iya."

"Wanne zan duba?"

Uwar ta buɗe baki. Ta san abin da ke sa tauraro ƙyaftawa, ta san sunan duniyar da ta yaudari uwarta, shekara ashirin da biyar tana ɗauke da wannan ilimi, ga shi bai tsinana mata komai ba.

"Ban sani ba, 'yata."

Yarinyar ta matsa gefe a kan gadon ta ba ta wuri.

"To ni yatsuna goma ne. Ke ɗauki na hagu, ni in ɗauki na dama."

Uwar ta durƙusa kusa da ita, ta ɗora yatsunta a kan gilashin.