Wayar da Za Ta Ga Ƙafar Baba

Sau uku Nas tana duba agogo tun shigarta kasuwar waya. Motar ƙarshe mai zuwa ƙauyensu ƙarfe huɗu take tashi, jibi kuma ita za ta kama hanyar asibitin da aka mayar da ita, tafiyar wuni guda. Abin da ya hana ta sukuni ƙafar mahaifinta ce. Ciwon suga gare shi, ga gyambo a babban yatsa, ga shi mutum ne wanda ko rufin ɗaki ya faɗo masa zai ce lafiya lau. Muryarsa ba abin yarda ba ce. So take ta bar masa wayar da za ta riƙa ganin ƙafar da idonta kullum.

Mai shago ya zaro wata daga kwali, sai sheƙi take. "Jiya aka sauke ta daga waje, 'yar'uwa. Sa layinki ki gani."

Ta sa. Sabis ya cika taf, ga 4G a sama, bidiyo na gudu ba tsayawa. Har ta zuge jaka, sai ta tuna Baba ba ya ganin ƙananan rubutu, ta miƙa wa mai gyaran da ke raɓe a bakin shagon don ya ƙara girmansa.

Mai Tabarau ake ce masa, dattijo ne marar hanzari, irin mutanen da ke sa mai sauri ciwon kai. Maimakon rubutu, sai ya shiga bayanan wayar ya kwafi lambar samfurinta, ya hau bincike a tasa.

"Wa za a kai wa?"

Ta faɗa masa, ta kwatanta ƙauyen, tana buga ƙafa a ƙasa.

"To, 'yata, wannan ba za ta yi ba."

"Kawu, yanzu fa na gwada!"

"A nan kika gwada. Kowane kamfanin layi yana da zangon da yake watsa sabis a kai, ban ake ce masa, kowanne da lambarsa. A kasuwar nan layinki a kan uku yake, wayar kuwa tana da uku. Can wajenku 4G ɗinsa a kan ashirin kaɗai yake isa, don shi ke cin nisa. Duba nan." Ya juyo mata da jerin lambobin. Babu ashirin.

Mai shago ya taso. "Haba dattijo! Irinta sak na sayar wa mutum goma."

"Suna ɗaya, ciki daban. Wannan don wata ƙasa aka ƙera ta. Biyu daga cikin goman naka nan suka zo min daga wancan yankin, wai in gyara. Me zan gyara? Abin da ba a sa a ciki ba, ba na iya ɗora shi."

Uku da rabi ta gota. Zuciyar Nas ta fara tafasa, ta rasa da wa za ta yi fushi. "Wato ko kira ba za ta yi ba?"

"Kira za ta yi sarai, za ta koma ƙaramin sabis. Za ki ji muryarsa tas. Bidiyo ne dai sai ki haƙura."

Murya ai tana da ita tun tuni.

Suka bi kwalaye ɗaya bayan ɗaya, shi yana karanta lamba a natse, ita tana jin kamar ta fizge tabarau ɗin ta karanta masa. Ta biyar ce ta dace: wata baƙa mai kauri, ba kyan gani, amma ga ashirin a jerinta. Mai shago ya karɓi kuɗi yana ƙunƙuni. Da gudu ta isa tasha, ta sami motar har ta fara gangarawa, ta shige ta zauna a kan buhun wani.

Da ta isa gida, Baba ya jujjuya wayar ya ce, "Uwata, duk birnin wannan bulo kika samo?" Ta koya wa yayanta da ke zaune tare da shi yadda ake amsa kiran bidiyo, ta tafi da fargabarta.

Kwana shida ƙafar tana nan yadda ta bar ta. Ran na bakwai da hantsi ta kira daga barandar asibiti. Fuskarsa ta fito tar, har furfurar gemu ana ƙirgawa.

"Baba, ya jiki?"

"Lafiya lau, Uwata. Garau nake."

"Nuna min ƙafar."

"Ai jiya kin gani."

"Baba."

Ya yi tsaki, ya karkata wayar ƙasa. Bakin yatsan ya yi baƙi, kumburi ya hauro har bayan ƙafa. Ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Ba wa Yaya wayar. Yaya, nemo mota yanzu, kar ka jira ya gama shan shayi."

Daga gefe tana jin muryar Baba, ƙarara kamar kullum, yana faɗa musu shi fa lafiyarsa lau.